Kofin Dala Biyar a Kasuwar Kurmi: Yadda Ake Fassara Misali

A Amurka akwai wani marubuci kan harkar kuɗi mai suna David Bach, wanda ya yi suna da misali guda ɗaya. Ya ce wa jama'a su dubi kofi mai madara da suke saya kowace safiya a hanyar zuwa aiki. Idan kofin da ɗan abin taɓawa suna cin dala biyar a rana, to a shekara sun lashe dala 1,825, kuɗin da mai shi bai ma san sun fita daga aljihunsa ba. Misalin ya karɓu ƙwarai, har ya zama da wuya a karanta maƙalar Turanci a kan tattalin kuɗi ba a ci karo da wannan kofi ba.

Sai a ɗauka an miƙa wa wani mai fassara a Kano irin wannan maƙala, aka ce ya mayar da ita Hausa. Ya iya Turanci, ya iya Hausa, ya bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko kalma ba. Duk wanda ya jera rubutun biyu zai ce aiki ya yi kyau. Amma mai karatu a Fagge ko Tudun Wada zai kai ƙarshe ya ajiye, ya ce wannan ai maganar masu kuɗi ce. Jimlolin sun iso lafiya, saƙon ne ya maƙale a hanya.

Dalilin yana cikin lissafi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa ɗaya, tun daga 2009. Ke nan dala biyar ba ta kai ladan aikin awa guda ba, kusan minti 40 ne na aikin ƙaramin ma'aikaci. A Najeriya kuwa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata, tun daga 2024. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, dala biyar ta zama naira 7,500, wato fiye da ladan kwana biyu na mai karɓar wannan albashi. Marubucin Turanci yana cewa a duba ɗan abin da aka raina. Fassarar da ta bi shi sau da ƙafa tana cewa a daina kashe ladan kwana biyu a kan abin sha kowace safiya, abin da babu mai hankalin da ke yi tun farko.

Akwai ma wani tarko da ɗan Najeriya ba ya yawan lura da shi. A Maraɗi, Damagaram da Tawa, idan Bahaushe ya ce dala, sefa biyar yake nufi, shi ya sa dala ashirin take sefa 100 a kasuwa. Wanda ya rubuta dala biyar bai ƙara da cewa ta Amurka ba ya bar mai karatu a Nijar da sefa 25. Adadi ɗaya ya yi wa wani girma fiye da kima, ya yi wa wani ƙanƙanta har ya zama abin dariya.

Gogaggen mai fassara ba ya fara da tambayar yadda za a faɗi jimlar. Yana fara da tambayar aikin da misalin yake yi a cikin maƙalar. Kofin Bach yana da siffofi huɗu: kuɗinsa kaɗan ne, ana sayensa kullum, ba dole ba ne, kuma mai saye ba ya lissafa shi. Duk abin da za a sa a gurbinsa sai ya cika waɗannan, in ya rasa ɗaya hujjar marubucin ta rushe.

Abin da yakan fara zuwa wa mutum a rai shi ne teburin mai shayi, tun da shayi ɗan'uwan kofi ne. Nan ne da yawa suke zamewa. Shayi da burodi wurin mai shayi karin kumallo ne ga lebura, ɗan acaɓa da ɗalibin da ke zaman haya. Wanda ya ce musu su daina don su tara kuɗi ya ce musu su wuni da yunwa ne, kuma mai karatu zai ji haushin rubutun tun daga sakin layi na farko. Kamannin abu biyu a ido ba shi ne ma'auni ba. Abin da ya fi dacewa shi ne lemon kwalba da ake sha bayan cin abincin rana, ko goron da ake saya ɓare-ɓare, ko datar da ake ƙonawa wajen kallon bidiyo da dare. Babu ɗayansu da ya yi kama da kofi, amma dukkansu suna yin aikinsa.

Daga nan sai adadi. Mai karɓar naira 70,000 a wata, idan yana aiki kwana 22, awa takwas kullum, ladansa na awa ɗaya ya kusa naira 400. Minti 40 na aikinsa bai kai naira 300 ba sosai. Saboda haka takwarar dala biyar ta Bach a aljihun ƙaramin ma'aikacin Najeriya ita ce wajen naira 300, ba 7,500 ba. Da zarar an canza wannan lamba, dole a sake duk lissafin da ya biyo bayanta: naira 300 a rana ita ce 9,000 a wata, 109,500 a shekara. Wani mai fassarar yakan canza lambar farko ya manta da sauran, sai a ga naira a sama, dubban daloli a ƙasa. Wannan na daga cikin alamomin da edita yake gane aikin gaggawa.

Sai dai naira ba ta zama wuri ɗaya. Farashin lemon da ya dace da misalin a bana yana iya zama tarihi baɗi. Shi ya sa masu lura suke rubuta shekarar da suka yi lissafin, ko su auna abin da ladan aikin awa ɗaya maimakon kuɗi tsura.

Har zuwa nan aikin mai sauƙi ne. Wahalar tana rabin maƙalar na biyu, inda marubucin Turanci yake cewa a zuba wannan kuɗi a wani asusun ajiya ko hannun jari, riba ta riƙa hawa kan riba na shekara talatin ko arba'in har ɗan kofi ya zama dukiya. Wannan sashe ya ginu ne a kan abu biyu da marubucin bai ga bukatar faɗa ba, don a wurin masu karatunsa ba abin musu ba ne: cewa karɓar kuɗin ruwa ba laifi, kuma cewa darajar kuɗi ba ta zubewa da sauri. Ga mafi yawan masu karanta Hausa, duka biyun suna da magana. Musulmi da yawa ba sa taɓa kuɗin ruwa, abin da ya sa aka buɗe bankin Jaiz a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fara sayar da sukuk a 2017. Hauhawar farashi kuwa ta haura kashi 30 cikin 100 a Najeriya a 2024. A irin wannan shekara, naira 100,000 da aka jefa a asusu aka rufe, in an fasa bayan wata goma sha biyu, abin da za ta saya bai wuce abin da naira 77,000 take saya da farko ba.

A nan musanya misali kaɗai ba ta isa. Mai fassara yana iya jin kwaɗayin ya sa adashi a gurbin asusun riba ya wuce, tun da kowa ya san adashi. Amma adashi ba ya haihuwa. Mutum goma masu zubin naira 9,000 a wata, kowa zai kwashi 90,000, daidai abin da ya zuba. Abin da adashi yake yi shi ne tilasta wa mutum ya fitar da kuɗin kafin ya kashe su, don uwar adashi ba ta karɓar uzuri. To akwai wani sashe a irin waɗannan maƙaloli da ke magana a kan haka, inda ake ba da shawarar a sa banki ya riƙa cire wani kaso daga albashi kafin ya shigo hannu. Can ne gurbin adashi, kuma ya zauna daram. Ga ma'aikacin albashi akwai misali mafi kusa, wato tsarin fansho na karo-karo, inda dokar 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 daga albashin ma'aikaci, mai ba shi aiki ya ƙara kashi 10.

Shi kuwa sashen riba kan riba, hanya biyu ce ta gaskiya. Ko dai a bar shi a Amurka, a faɗa wa mai karatu ƙarara cewa lissafin na can ne kuma ga abin da ya sa ba zai zauna daidai a nan ba, ko kuma a nemi izinin marubucin a sake gina sashen da taimakon wanda ya san harkar kuɗi a ƙasar. Abin da bai halatta ba shi ne mai fassara ya ƙirƙiro shawarar kansa, ya ce a sayi tumaki ko a ɓoye hatsi da kaka, sannan ya bar sunan marubucin a sama kamar shi ya faɗa. Wataƙila shawarar tana da kyau, amma Bach bai taɓa kiwon tunkiya a rubutunsa ba.

Wannan salon aiki ba baƙo ba ne a Hausa. A 1936 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, ya tara wa Abubakar Imam littattafan labarai na ƙasashe dabam-dabam, na Turawa da na Larabawa da na Indiya. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku da aka buga a ƙarshen shekarun 1930. A cikin tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm akwai labarin wata kuku da ta cinye kaji biyu da aka soya wa baƙo, sannan ta tsorata baƙon ya gudu don ta ɗora masa laifi. Imam ya ɗauki ƙashin labarin ya mayar da shi gidan Kalala da matarsa Kalalatu. Kajin suna nan, dabarar tana nan, amma gidan, mutanen da abin dariyar duk sun zama na ƙasar Hausa, har yara da yawa suka girma ba su san labarin ya taɓa ƙetare teku ba. Bala Abdullahi Funtuwa ma ya bi irin wannan hanya a Gandun Dabbobi, fassararsa ta littafin George Orwell, inda mai gandun ya zama Nomau.

Sai dai Imam labari yake bayarwa, kuma mai ba da labari yana da 'yancin da mai fassara maƙalar ilimi ba shi da shi. Idan kajin Kalala suka zama uku, babu wanda zai cutu. Akwai rubutun da kuskuren awo a cikinsa yake kai yaro asibiti.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. Yadda aka saba rubuta haɗin gida a Turanci shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jimla ce mai sauƙin fassarawa, kuma cike take da abubuwan da marubucin ya ɗauka kowa yana da su. Ƙaramin cokalin da yake nufi na shayi ne, mai ɗaukar mililita 5. A gidaje da yawa cokalin da ke kwando shi ne na cin shinkafa, wanda yake ɗaukar ninki biyu ko uku na wancan. Idan mai fassara ya rubuta cokali kawai, uwa ta auna gishiri da babban, ta haɗa ruwan da gishirinsa ya yi yawa, wanda yake da haɗari ga jariri. Sukari ma in ya zarce yana ƙara gudawar. Ita kuma lita, mutane nawa ne suke da mazubin da aka rubuta awo a jikinsa?

Ƙungiyar BRAC ta Bangladesh ta fuskanci wannan matsala, kuma yadda ta warware ta darasi ne ga duk mai fassara. Daga 1980 zuwa 1990 ma'aikatanta mata sun bi gida-gida suna koya wa iyaye mata haɗin, har suka kai ga gidaje sama da miliyan 12. Ba su yi maganar cokali ba, don ba kowane gida ne yake da shi ba. Sun ce gishiri gwargwadon abin da yatsu uku suka tsunkuno, da cikin tafin hannu na mazarƙwailar da ake yi a can, a cikin rabin lita na ruwa, suka kuma yi wa kowace uwa alama a jikin mazubinta don ta san inda ruwan zai tsaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba su tsaya a zato ba. Ana ɗiban samfurin ruwan da iyayen suka haɗa a kai ɗakin gwaji a auna gishirin da ke ciki. Sun canza awon, amma sai da suka tabbatar sabon yana ba da abin da tsohon yake bayarwa.

A Najeriya ma an taɓa amfani da kwalba a matsayin ma'auni a saƙonnin lafiya na shekarun 1980, aka riƙa cewa kwalbar giya ɗaya ko kwalbar lemo biyu. Kwalbar giya ba abin da za a nema ba ne a gidan malam a Zariya, kwalaben lemo kuma yanzu sun zama iri-iri, wata ƙarama wata babba. Mai fassara na yau yana da ma'auni mafi kusa da hannu, wato ledar fiya wata, wadda yawanci rabin lita ce, biyu su ba da lita ɗaya. Duk da haka sai ya ƙara da cewa a duba abin da aka rubuta a jikin ledar, ya bayyana cewa cokalin shayi ake nufi kuma a shafe ba a tule ba, sannan ya nuna wa ma'aikacin lafiya abin da ya rubuta kafin ya fita. Ya kamata kuma ya ambaci cewa garin haɗin da ake sayarwa a ƙunshe a kemis ko ake bayarwa a asibiti ya fi na gida daidaito.

Irin wannan taka-tsantsan ake bukata duk inda aka ce a mayar da awo na gida. Mudu da tiya sun fi kilo kusa da zuciyar mai karatu, amma mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, kuma mudun gero da na gyaɗa ba nauyinsu ɗaya ba. Zazzaɓin da Ba'amurke ya rubuta 100.4 shi ne 38 a ma'aunin da asibitocin Najeriya da Nijar suke amfani da shi. Lambar neman agaji ta 911 ba ta Najeriya ba ce, a nan 112 aka ware. Waɗannan ba a barinsu yadda suke, kuma ba a canza su da ka.

Akwai kuma abubuwan da ba a taɓawa ko kaɗan. Idan maƙala ta ce an yi bincike a kan ma'aikata a Ingila, binciken yana Ingila, ba a ɗauko shi a dire a Sakkwato don a burge mai karatu. Maganar da aka ce wani ya faɗa tasa ce, ba a sa masa karin maganar da bai yi ba. Bambancin shi ne tsakanin misalin da marubuci ya ƙago don ya haska magana, wanda ake iya musanyawa, da abin da ya kawo a matsayin shaida, wanda musanya shi ƙarya ce. Hanyar ganewa ita ce a tambaya: in mai karatu ya je ya bincika, zai tarar abin ya faru? In amsar e ce, a bar shi a inda yake, a ƙara masa jimla ɗaya ta bayani in ana bukata.

Wani lokacin ma baƙuntar ita ce amfanin rubutun. Maƙalar da ke bayanin yadda mutanen Kanada suke fama da dusar ƙanƙara ba ta bukatar a mayar da ita hunturun Kano. Mai karatu ya zo ne ya ga Kanada.

Batun izini shi ma ba na wasa ba ne. Yarjejeniyar Berne, wadda Najeriya da Nijar suke ciki, ta ba mai rubutu haƙƙin fassara aikinsa da na sarrafa shi. Canza kofi zuwa goro ba ya mayar da maƙalar wani ta zama ta mai fassara. Ana neman izini, a rubuta sunan mai asalin, a kuma sanar da mai karatu a layi ɗaya cewa an sauya misalai da lissafi don su dace da nan. Wannan layin yana kare marubucin daga maganar da bai yi ba, yana kuma ba mai fassara ladan aikinsa.

Gwajin ƙarshe ba a kan tebur ake yinsa ba. A sami mutumin da bai ga Turancin ba, irin wanda aka yi rubutun dominsa, a karanta masa da baki, sannan a ce ya maimaita abin da ya fahimta da kalmominsa. In maƙalar tattali ce, ya ce ai ana nufin 'yan kuɗin da yake kashewa a kati ba ya lissafi, saƙo ya isa. In ya tambaya wane ne yake shan abin naira dubu bakwai da safe, misalin bai sauka ba. In kuwa maƙalar ruwan gishiri da sukari ce, kada a tsaya a tambaya. A ba uwar ruwa, gishiri, sukari da cokulan gidanta, a ce ta haɗa, a tsaya a ga wane cokali hannunta zai ɗauka. In ta ɗauki babban, mai fassara ya koma ya gyara jimlarsa kafin a buga.